Haruffan Ɓoye da Kurakuran Ganganci: Yadda Ake Ruɗar Manhajojin Tantance Rubutu da Sawun da Ake Bari

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Kankiya a lokacin da ɗalibai ke haɗa kundin kammala karatu ya san tambayar da ta fi yawo a bakinsu: kashi nawa manhaja ta nuna? A garin akwai makarantar koyon fasahar kiwon lafiya, kuma matasan Kankiya da Kusada da dama suna karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, haka nan ma'aikatan da ke ƙaro ilimi domin neman ƙarin girma. A manyan makarantun ƙasar nan ya zama ruwan dare a sa kundi cikin manhajar gano satar rubutu kafin a karɓe shi, ko dai Turnitin ta ƙetare ko EagleScan da kwamitin shugabannin jami'o'in Nijeriya ya samar. Tun daga 2023 kuma aka sami ƙarin wani nau'in manhaja, wadda ke ƙoƙarin gane ko mutum ne ya yi rubutu ko ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT.

Inda aka kafa shinge, ba a rasa mai neman ɓarauniyar hanya. Wannan maƙala ta duba dabaru uku da aka fi amfani da su wajen ruɗar waɗannan manhajoji, da dalilin da ya sa suke cin nasara a kan marasa ƙarfi daga cikinsu, da kuma yadda malami ko jami'in ofis zai gano su da kayan aikin da ke kan teburinsa. Ta kuma tsaya a kan wani abu da ya keɓanta da mu: rubutun Hausa na gaskiya yana ɗauke da haruffan da mai bincike marar sani zai iya ɗauka a matsayin shaidar maguɗi.

Ido na ganin siffa, na'ura na ganin lamba

Tushen al'amarin guda ɗaya ne. Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lambarsa take ajiyewa. Akwai wani babban rajista na duniya mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, inda aka ba kowane harafi na kowane irin rubutu lambarsa. Ƙaramin harafin “a” na boko lambarsa 97. A rubutun Rashanci akwai wani harafi da ke da siffa iri ɗaya sak da shi, amma lambarsa 1072. Idan aka jera su a kan takarda, ko wanda ya shekara ashirin yana gyaran rubutu ba zai bambance su ba. A wajen na'ura kuwa nisan da ke tsakaninsu ya kai na “a” da “z”.

Manhajar gano satar rubutu tana aiki ne ta hanyar yanka rubutu zuwa gajerun jerin kalmomi, ta kwatanta kowane jeri da abin da ke cikin rumbunta na littattafai da mujallu da kundayen da aka taɓa miƙawa. Idan jerin ya zo daidai, sai ta yi masa alama. Manhajar gano rubutun ƙirƙirarriyar basira kuma tana duba wani abu dabam. Wasu suna auna yadda kowace kalma ke da sauƙin hasashe daga kalmomin da suka gabace ta, domin na'ura ta fi son zaɓen kalmar da aka fi tsammani, mutum kuwa yakan kauce. Wasu an horar da su ne da dubban misalai na rubutun mutum da na na'ura har suka koyi bambancewa. Duka nau'o'in biyu sun dogara da abu ɗaya: sai sun gane kalmar da ke gabansu. Duk dabarar da za a ambata a nan manufarta ita ce a lalata kalmar a idon na'ura, a bar ta lafiya a idon mutum.

Musanya harafi da tagwayensa

Mu ɗauki wannan jimla: Kankiya tana kan hanyar Kano zuwa Katsina. Kalmominta bakwai ne, kuma idan aka ƙirga haruffa da tazarar da ke tsakanin kalmomi da aya, za a sami 42. Harafin “a” ya fito sau 11 a cikinta, kuma babu kalma ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin da ba ta da shi. Saboda haka idan mutum ya umarci kwamfuta ta musanya kowane “a” da tagwayensa na Rashanci, aikin daƙiƙa biyu, ya lalata dukkan kalmomin jimlar. Manhajar da ba ta shirya wa wannan ba za ta nemi “Kankiya” ko “hanyar” a rumbunta ta rasa, sai ta ba da rahoton cewa rubutun sabo ne fil. A Turanci harafin “e” aka fi yi wa haka, tare da “o” da “c” da “p”, waɗanda dukkansu suna da tagwaye a Rashanci. Harafin “o” yana da wani tagwayen ma a rubutun Girkanci.

Dabarar ta girmi ƙirƙirarriyar basirar da ake magana a kai yanzu. A 2002 wasu masana biyu, Evgeniy Gabrilovich da Alex Gontmakher, sun yi gargaɗin cewa za a iya amfani da ita wajen ƙirƙirar adireshin intanet na bogi. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshin da a kan allo yake fitowa tamkar na kamfanin Apple, alhali haruffan sunan duka na Rashanci ne. Ɗan kasuwar da ake turo wa saƙo ana cewa ya danna wani adireshi domin sabunta bayanan asusunsa na banki, da irin wannan tarko yake iya gamuwa.

Sawun da musanyar ke bari yana da yawa. Mafi sauƙi shi ne bincike: a buɗe takardar a Word, a danna Ctrl+F, a rubuta wata kalma da ido ke gani ɓaro-ɓaro a shafin. Idan Word ya ce babu ita, to akwai magana. Na biyu, a zaɓi harafin da ake zargi shi kaɗai, a danna Alt+X. Harafin zai juye zuwa lambarsa a tsarin ƙirga na goma sha shida: “a” na boko zai nuna 0061, na Rashanci kuma 0430. Sai a danna Ctrl+Z a mayar da shi. A kula a zaɓi harafi ɗaya tak, domin idan aka tsaya bayan kalma kamar “da” aka danna, Word zai ɗauki haruffan biyu a matsayin lamba ya mayar da su wani baƙon harafi. Na uku, a sauya wa dukkan rubutun salon haruffa zuwa wani na ado wanda ba shi da haruffan Rashanci. Kwamfuta za ta aro su daga wani salon, sai su fito zara-zara, sun bambanta da maƙwabtansu.

Akwai kuma jan layin da Word ke ja a ƙarƙashin kalmar da bai sani ba. A rubutun Turanci, shafin da ya cika da jan layi alhali ido bai ga kuskure ba, alama ce mai ƙarfi. A rubutun Hausa wannan alama ba ta da amfani, tunda yawancin kwamfutocinmu ƙamus ɗin Turanci ke cikinsu, kuma ko da rubutun ya fi madara tsarki, ja za su yi masa daga sama har ƙasa.

Haruffan da ba su da jiki

A cikin rajistar Unicode akwai haruffan da ba su da siffa kuma ba su cin wuri. Wanda aka fi sani shi ne mai lamba 8203, wanda ake rubutawa U+200B, wato tazara marar faɗi. An yi shi ne domin harsuna irin na Tailan da Kambodiya, waɗanda ba sa raba kalmomi da tazara, domin ya nuna wa kwamfuta inda za ta iya karya layi. Yana da 'yan'uwa: 8204 da 8205 masu hana haruffa haɗuwa ko sa su haɗu, da 8288, da 65279, da kuma 173, wanda karan ɗori ne da ba ya bayyana sai kalma ta faɗo a ƙarshen layi.

Idan aka cusa ɗaya daga cikinsu a tsakiyar “Kankiya”, ido zai ci gaba da ganin Kankiya, amma na'ura za ta ga gutsure biyu da wani abu a tsakani. A 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij, tare da Ilia Shumailov da Nicolas Papernot, sun nuna cewa 'yan tsirarun irin waɗannan haruffa sun isa su rikitar da manhajojin fassara da na tace kalaman ɓatanci na manyan kamfanoni. A 2024 kuma wasu masana na Jami'ar Pensilbaniya suka fitar da wani ma'aunin gwaji mai suna RAID, mai ɗauke da rubuce-rubuce sama da miliyan 6 da dabarun ruɗi 11, ciki har da musanya harafi da tazara marar faɗi da kuskuren rubutu. Sun tarar cewa manhajojin gano rubutun na'ura da dama suna faɗuwa a gaban dabarun da ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Abin da ba shi da jiki a ido yana da nauyi a ma'auni, kuma nan ne asirinsa ke tonuwa. A kwafi jimlarmu ta ɗazu a zuba a ɗakin A1 na Excel, a rubuta wannan a ɗakin da ke kusa:

```
=LEN(A1)
```

Amsar ya kamata ta zama 42. Idan an cusa harafin ɓoye ɗaya a kowace kalma, za ta nuna 49. Domin sanin adadin tazara marar faɗi kai tsaye, sai a rubuta:

```
=LEN(A1)-LEN(SUBSTITUTE(A1,UNICHAR(8203),""))
```

Wannan yana cire harafin ne ya sake ƙirgawa, ya ba da bambancin, wato 7 a misalinmu. Ma'aikatan da suka saba tsaftace jerin sunaye da TRIM da CLEAN su sani cewa waɗannan biyu ba sa taɓa shi. Wannan ya shafi masu kula da takardar albashi ko jerin masu cin gajiyar tallafi: suna ɗaya zai iya fitowa sau biyu, ɗaya da harafin ɓoye a ciki, kuma umarnin gano maimaici ya wuce su a matsayin mutane biyu. Sau da yawa ba da gangan hakan ke faruwa ba, kwafe-kwafe ne ke jawo shi, amma wanda ya san hanyar zai iya yin sa da gangan.

A Word kuma ana buɗe akwatin nema da musanyawa da Ctrl+H, a rubuta ^u8203 a gurbin nema. Ko ba a yi wannan ba, yatsa ma yana ganowa: a ɗora alamar rubutu a farkon kalma, a riƙa danna kibiyar dama. Inda aka danna alamar ba ta motsa ba, sai an sake dannawa, to akwai wani abu a kwance a wurin.

Masu tura saƙon tes ga abokan ciniki suna da nasu ma'aunin. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duka na boko ne na yau da kullum. Da zarar harafi ɗaya da ba ya cikin wannan rukuni ya shiga, iyakar takan faɗo zuwa 70. Saƙon haruffa ɗari da waya ta lissafa a matsayin saƙo biyu yana ɗauke da baƙon harafi. Sai dai “ƙ” da “ɗ” namu ma suna jawo hakan, kuma za mu dawo kan wannan.

Akwai wata tsohuwar dabara mai kama da wannan, wadda ba ta buƙatar sanin Unicode: a cike tazarar da ke tsakanin kalmomi da wani harafi, a rina shi fari. Shafi zai fito daidai a takarda, amma na'ura za ta ga layi guda a matsayin doguwar kalma ɗaya. Wannan ita ce mafi saurin tonuwa. Ƙididdigar kalmomi da ke ƙasan allon Word za ta nuna kalma talatin a shafin da ya kamata ya kai ɗari uku, kuma idan aka danna Ctrl+A aka mayar da launin rubutu baƙi, komai zai fito fili. Turnitin ma yana da sashe a rahotonsa mai suna Flags, wanda ke nuna wa malami musanyayyun haruffa da ɓoyayyen rubutu, ko da yake ba kowane malami ne ke buɗe shi ba.

Kuskuren da aka shuka

Dabara ta uku ta fi sauran wuyar kamawa, domin babu baƙon harafi a cikinta. Mutum, ko wata manhaja da aka yi domin haka, yakan bi rubutun da na'ura ta yi ya yayyafa masa kurakurai: a juya haruffa biyu a nan, a yar da ɗaya a can, a cire waƙafi. Kalmar da aka ɓata ba ta cikin abin da manhajar ke tsammani, saboda haka ma'aunin sauƙin hasashe yakan sauka, rubutun ya yi kama da na ɗan'adam.

Wanda aikinsa gyaran rubutu ne ya san cewa kuskuren mutum yana da hali, kamar yadda tafiyarsa take da hali. Kuskuren yatsa yana bin tsarin madannai: “s” na maƙwabtaka da “a”, shi ya sa ake samun “gwamnsti” a maimakon “gwamnati”, amma da wuya a sami “gwamnpti”, tunda “p” na can ɗaya gefen. Kuskuren rashin sani kuma ba ya canzawa. Wanda ke haɗe “ya ce” ya rubuta “yace”, haka zai yi daga shafin farko zuwa na ƙarshe, kuma galibi shi ne mai rubuta “dashi” da “akan” a inda ake nufin “a kan”. Bahaushen da ke rikita “p” da “f” a Turancinsa, a kalmomi iri ɗaya yake rikita su kullum. Sannan kurakuran mutum sukan taru a inda ya gaji ko ya yi sauri, kamar ƙarshen babi, su yi ƙaranci a shafin farko da ya karanta sau goma.

Kuskuren da aka shuka ba shi da wannan hali. Za a ga kalma mai wuya an rubuta ta daidai sau tara, sannan kalma mai sauƙi ta lalace sau ɗaya ta hanyar da yatsa ba ya yi. Za a ga kurakuran sun rarrabu daidai wa daida, kusan ɗaya a kowane layi uku, tamkar an yi shuka da igiya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne saɓanin da ke tsakanin ginin jimla da rubutun kalma: jimloli dogaye masu tsari, nahawu bai karye ko sau ɗaya ba, amma haruffa na ta tuntuɓe. A rubutun ɗalibi na gaskiya, wanda ke yawan kuskuren harafi yakan yi na nahawu ma.

Duk da haka, wannan alama ce ta a ƙara bincike, ba ta isa hujjar yanke hukunci ba. Hanya mafi inganci a nan tsohuwa ce: a zaunar da marubucin, a buɗe shafi, a ce ya bayyana abin da yake nufi da wannan sakin layi da inda ya samo shi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ƙaddara wani malami a Kankiya ya karɓi kundin wani ɗalibi ɗan Kusada, mai shafi arba'in, a kan tsaftar ruwan sha. Rahoton manhaja ya nuna babi na biyu, inda ake bitar ayyukan magabata, bai yi kama da komai ba ko da kashi ɗaya. Wannan shi ne sawun farko. Babin bitar ayyuka cike yake da sunayen littattafai da na hukumomi da ma'anonin da kowa ke ambata, saboda haka ko ɗalibi mafi gaskiya sai an sami ɗan kamanci a nasa. Tsaftar da ta wuce kima ita kanta abin tuhuma ce.

Abu na farko da malamin zai yi shi ne ya ajiye kwafin fayil ɗin yadda ya zo, kada ya taɓa shi, ya yi aiki a kan kwafi na biyu. Idan takarda ce aka buga aka kawo masa, sai ya nemi fayil ɗin, domin babu ɗaya daga cikin haruffan ɓoye da ke bayyana a bugu. Sannan ya nemi ^u1072 da ^u1077 da ^u1086, wato tagwayen “a” da “e” da “o”, da kuma ^u8203. A ce ya sami tagwayen “e” sama da dubu biyu. Tambayar da ke biye ita ce a ina suke. Idan ya ga babu ko ɗaya a shafin godiya da babi na ɗaya da na huɗu, amma daga shafi na 8 zuwa na 19 babu “e” na boko ko guda, to ya san ba haɗari ba ne. Kwafe daga intanet ba ya sauya kowane “e” a shafuka goma sha biyu a jere ya tsaya daidai inda babi ya ƙare.

Daga nan sai ya musanya su da na boko, ya sake sa kundin a manhaja. A nan akwai wani rami: idan an adana miƙawar farko a rumbun manhajar, ta biyu za ta yi kama da ita a duk shafukan da ba a taɓa ba, adadin ya yi tsalle ba gaira ba dalili. Saboda haka ya duba madogaran da rahoton ya lissafa ɗaya bayan ɗaya, ya cire kundin ɗalibin kansa daga ciki. Abin da ya rage shi ne ainihin inda aka kwaso babin.

Ko a nan bai gama ba. Haruffan sun tabbatar da cewa wani ya yi niyyar ɓoye wani abu, amma ba su faɗi ko wane ne ba. Ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta, da hannu suke rubutu su kai shago a buga musu, wasu kuma sukan biya a “rage musu kashi” ba tare da sanin abin da za a yi wa fayil ɗin ba. Wannan bai wanke ɗalibin daga laifin kwafe ba idan an same shi, amma ya kamata kwamitin ladabtarwa ya tambayi hannun da fayil ɗin ya bi kafin ya ɗora masa laifi na biyu.

Baƙin haruffan da ba su da laifi

Wasu masu bincike suna bin gajeriyar hanya: duk harafin da lambarsa ta wuce 127, wato wanda ba ya cikin haruffan Turanci na asali, abin zargi ne. Wannan ƙa'ida za ta kama duk wanda ya rubuta Hausa daidai. Lambar “ƙ” 409 ce, ta “ɓ” 595, ta “ɗ” 599, ta “ƴ” kuma, wadda ake amfani da ita a Nijar a inda mu muke rubuta 'y, 436. Alamar da ke cikin “'ya'ya” da “ma'aikata” tana zuwa da lambobi dabam-dabam gwargwadon na'urar da aka buga ta da ita, har Word yakan juya ta farkon kalma ta koma alamar buɗe zance. Wasu masu rubutu da waya da ba su sami “ƙ” ba sukan ari “ķ” ko “ď” na harsunan Turai. Tsofaffin fayilolin da aka buga da salon haruffan Hausa na da, idan aka buɗe su a kwamfutar da ba ta da salon, sai “ƙasa” ta koma “qasa” ko “}asa”, “ɗaya” ta koma “xaya”. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin labarai na Hausa ya sha fama da wannan, kuma babu maguɗi a cikinsa.

Haruffan ɓoye ma suna da hanyoyin shigowa na halal. Kundin da ya kawo aya ko hadisi da Larabci, ko ya ɗauko baiti da ajami, zai iya ƙunsar alamomi masu lamba 8206 da 8207, waɗanda aikinsu shi ne gaya wa kwamfuta inda rubutu ke juyawa daga dama zuwa hagu. Rubutun da aka kwafo daga shafin intanet yakan zo da tazara mai lamba 160, wadda ke hana layi karyewa. Takardar da aka buga a Maraɗi da Word na Faransanci tana da irin wannan tazara kafin alamar tambaya da ta motsin rai, domin haka ƙa'idar rubutunsu take. Harafi mai lamba 65279 guda ɗaya a farkon fayil alama ce kawai da wasu manhajoji ke sawa. Hatta wasu 'yan hotunan da ake sawa a saƙon waya, da harafi mai lamba 8205 ake ɗinke su.

Saboda haka tambayoyi uku ne ke raba gaskiya da maguɗi: wane harafi ne, guda nawa ne, kuma a ina yake zaune. Alamar juya rubutu a gefen ayar Larabci tana wurinta. Tazara marar faɗi guda biyar a ƙarshen sakin layin da aka kwafo daga intanet ba ta nuna komai sai kwafen, wanda shi ma sai a duba ko an ambaci madogararsa. Harafin Rashanci a tsakiyar kalmar Hausa ko ta Turanci kuwa ba shi da wata hanyar shigowa daga madannan da ake sayarwa a Kano ko Katsina.

Iyakar manhajar kanta

Ya dace a san cewa manhajar da ake wannan wahala domin ruɗarta ba alƙali ba ce. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya kuma bayyana da kansa cewa kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane ƙazafi. A Yulin shekarar ya janye ta. A shekarar dai, Weixin Liang da James Zou da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da rubuce-rubuce 91 na masu jarrabawar Turanci waɗanda Turancin ba harshen uwa ba ne a gare su. A matsakaici, kimanin kashi 61 cikin ɗari na rubuce-rubucen an ce na na'ura ne, alhali mutane ne suka rubuta su. Dalilin shi ne mai rubutu da harshe na biyu yakan tsaya ga kalmomin da ya tabbatar da su, sai rubutunsa ya zama mai sauƙin hasashe.

Ɗalibin Kusada da ya koyi Turanci a aji yana cikin wannan rukuni. Yana iya rubuta kundinsa da guminsa, manhaja ta ce na na'ura ne, tsoro ya kai shi shago a cusa masa haruffan ɓoye domin adadin ya sauka. Kafin ya je, abin da ke kansa hasashen manhaja ne kawai, wanda zai iya karewa da takardunsa na farko da bayanin bakinsa a gaban malami. Bayan ya dawo, fayil ɗinsa na ɗauke da harafi dubu biyu da za a iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a nuna shafin da kowanne yake.